Cibiya da Gefe: Gwada Nazariyyar Tsarin Duniya da Riɗin Jigawa

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a sashen kimiyyar siyasa, daga wani ƙauye a ƙasar Gumel. An koyar da mu nazariyyar Wallerstein ta cibiya da gefe, cewa ƙasashen Turai su ne cibiya, mu kuma gefe. To amma Babana riɗi yake nomawa, kuma masu saye suna cewa China da Turkiyya ake kai shi, ba Ingila ba. Shin nazariyyar tana aiki a kanmu har yanzu, ko ta wuce tare da mulkin mallaka? Ta yaya zan gwada ta a binciken kammala digirina?"

Wa alaikumus salam. Tana aiki a kan riɗin Babanka, amma sai ka fara ajiye taswirar da ke cikin kanka, wadda aka shafa wa Turai launi ɗaya aka shafa wa Afirka wani. Da wannan taswira ba za ka iya gwada komai ba, domin da zarar kaya sun nufi China sai lissafin ya rikice. Cibiya da gefe tun farko siffofin ayyuka ne, daga baya ne ake jingina su ga ƙasashe.

Abin da ake nufi da cibiya da gefe

Immanuel Wallerstein masanin zamantakewa ne ɗan Amurka, an haife shi a 1930, ya rasu a 2019. Afirka ta Yamma ya fara nazari, musamman Ghana da Kwaddebuwa a shekarun samun 'yanci, kuma a can ne ya lura cewa ba za a fahimci talaucin ƙasa ta hanyar duba ita kaɗai ba. A littafinsa na 1974 ya ce tun wajajen 1450 zuwa 1640 aka soma gina kasuwa guda ta jari-hujja wadda ta raba aiki tsakanin yankuna masu gwamnatoci daban-daban. Misalin da ya fi dogara da shi ma a cikin Turai yake. Ƙasar Foland tana noma hatsi ana fitar da shi ta tashar ruwan Danzig zuwa Amsterdam. Masu manyan gonaki a Foland suka ƙara ɗaure talakawansu da aikin tilas domin su sami hatsi mai araha, su kuwa 'yan kasuwar Holan suka riƙe jiragen ruwa da bashi da sarrafa kaya. Dukkansu Turawa ne, amma ɗaya gefe, ɗaya cibiya.

Bai faro zancen daga sama ba. A 1950 Raúl Prebisch da Hans Singer, kowa da nasa binciken, sun nuna cewa idan aka duba dogon lokaci farashin ɗanyun kaya yana raguwa in an gwama shi da na kayan masana'anta. Andre Gunder Frank da Samir Amin da Walter Rodney suka faɗaɗa wannan. Abin da Wallerstein ya ƙara, wanda kuma shi ne zai yi maka amfani, shi ne dalilin da ya sa riba take taruwa wuri ɗaya.

Dalilin shi ne babakere. Aikin cibiya shi ne wanda mutane kaɗan ne suke iya yinsa, ko don yana buƙatar jari mai yawa, ko ilimin da aka killace, ko lasisi, ko suna da masu saye suka amince da shi, ko kariyar gwamnati mai ƙarfi. Mai irin wannan aiki yana iya sayarwa sama da abin da ya kashe da tazara mai faɗi, kuma ya daɗe yana yin haka. Aikin gefe kuwa shi ne wanda kowa zai iya shiga. Idan riba ta bayyana a cikinsa, baɗi dubban mutane sun shigo, farashi ya sauko har ya kusa taɓa uwar kuɗi. Duk lokacin da kayan waɗannan ayyuka biyu suka haɗu a kasuwa, mai babakere ne yake tafiya da rarar, ba tare da ya ɗaga bindiga ko ya tauye mudu ba. Ƙasar da ayyukan cibiya suka fi yawa a cikinta ita ake ce wa cibiya, wadda ayyukan gefe suka cika ta ita ce gefe. Wadda ta haɗa biyun kusan daidai, kamar Barazil ko Turkiyya ko Indiya, ita ce ta tsakatsaki.

Abu ɗaya da ɗalibai suke yawan mantawa: aiki yana sauka daga cibiya zuwa gefe. Wajajen 1800 saƙar tufafi da inji ita ce aikin cibiya mafi riba, kuma Ingila ce ta riƙe ta. Yau saƙa da ɗinki suna cikin ayyukan da gogayya ta fi cinyewa, shi ya sa suka koma irin su Bangaladash. Masaƙun Kano da Kaduna sun shiga sana'ar ne a lokacin da take gangarowa. Wannan ba shi kaɗai ya durƙusar da su ba, akwai wuta da fasa-ƙwauri, amma yana cikin lissafi. Saboda haka samun masana'anta kawai bai mayar da wuri cibiya ba. Ka riƙe wannan, za mu buƙace shi a kan riɗi.

Yadda ƙasarmu ta shiga

A taƙaice zan wuce nan, domin ka san labarin. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka buɗe layin a 1912, kuma cikin 'yan shekaru gyaɗa ta zama abin fitarwa, duk da cewa auduga Turawa suka fi sa rai da ita. Harajin da ake biya da kuɗi ya tura manomi noman abin sayarwa. Layin Nguru, wanda aka kammala a 1930, ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori ya janyo ƙasar da yau ake kira Jigawa cikin cinikin. Kamfanonin Turawa suna sama, manyan wakilai irin su Alhassan Dantata suna tsakiya, manomi yana ƙasa. A ƙarshen shekarun 1940 aka kafa hukumomin sayen amfanin gona masu yanke farashi, ba a rushe su ba sai 1986. Cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, bayan farin farkon shekarun 1970, ta ƙarasa dalar gyaɗa. Riɗi da zoɓo sun gaji wannan gurbi a ƙasa mai rairayi.

Bin riɗi daga gona zuwa jirgi

Terence Hopkins da Wallerstein ne suka kawo dabarar sarƙar kaya a 1977: ka ɗauki kaya ɗaya ka bi shi gaɓa-gaɓa, a kowace gaɓa ka tambayi mutum nawa ne suke yin wannan aiki, me ake buƙata kafin a shiga, wa yake yanke farashi da sharaɗi, kuma wa yake ɗaukar asara in abu ya ɓaci. Mu bi na Babanka.

Riɗi yana son ƙasa mai rairayi wadda ba ta riƙe ruwa, yana nuna cikin wata uku zuwa uku da rabi, kuma ba ya cin taki kamar masara. Wannan sauƙi shi ne alherinsa, shi ne kuma rauninsa a kasuwa, domin duk mai gona da iri zai iya shiga. Wahalarsa tana wajen girbi. Kwansonsa yana buɗewa da kansa idan ya bushe, don haka dole a yanke shi da zarar ganye ya yi rawaya, a ɗaure dami-dami, a kafa su a tsaye kamar mako biyu, sannan a kifa a kakkaɓe a kan tamfol, a shiƙe. In an makara da 'yan kwanaki, wani kaso ya zube a gona. In an kakkaɓe a ƙasa, yashi da kashin dabbobi sun shiga.

Daga nan sai ɗan sari na ƙauye da ke saye da tiya, sai kasuwar mako irin ta Maigatari ranar Alhamis, sai dillalai da 'yan kamasho masu tara wa manyan 'yan kasuwa, sai sito a Kano, galibi wajen Dawanau. A nan ake tsaftace shi da inji, a cire yashi da tsakuwa da ƙaiƙayi, a auna danshi, a zuba a sababbin buhuna. Sai tirela ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, a sami takardar lafiyar tsirrai daga hukumar killace amfanin gona, a cika fom ɗin NXP, wato takardar rajistar fitar da kaya waje, ta banki, a loda kwantena.

Ga lissafi na misali, kai kuma ka maye gurbin alƙaluman da abin da ka auna da kanka. Ƙaramar kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar kusan tan 19 na riɗi. Mu ɗauka tsaftacewa tana zubar da kashi 4 cikin 100 na nauyi. Ke nan sai an sayi kusan kilo 19,800 kafin a cika ta. In buhu kilo 80 ne, buhu 248 ke nan. In manomi yana samun buhu 5 a hekta, kwantena ɗaya ta cinye noman hekta 50. Mai fitar da kwantena 200 a kaka yana saye daga hekta 10,000, wato dubban gidaje. Su kuma irinsa masu fitarwa suna sayar wa manyan kamfanonin ciniki da masu matse mai da ba su da yawa. Sarƙar tana da faɗi a ƙasa, tana tsukewa tana hawa, kuma wannan tsukewa ita ce abin da nazariyyar ta ce ka nema.

Inda nazariyyar ta faɗi daidai

Wuri na farko shi ne sauƙin maye gurbi. Mai saye a Japan, ƙasar da kusan duk riɗin da take ci daga waje yake zuwa, yana da Najeriya da Burkina Faso da Tanzaniya da Mozambik da wasu. Mai saye a China yana da Nijar da Sudan da Habasha da Togo da Pakistan. In farashin Jigawa ya yi masa tsada, ya juya. Baba kuwa in ya ƙi farashin yau, wa zai juya gare shi? Riɗi ba abincin gida ba ne kamar gero. Ban da ɗan kantu da miya, ba a cin buhu biyar a gida. Don haka farashin da ake faɗa a Maigatari daga sama yake gangarowa: farashin dala a tashar jirgi, a cire kuɗin mota da tsaftacewa da ruwan banki da ribar kowace gaɓa, abin da ya rage shi ne na manomi. Ba daga abin da manomi ya kashe ake fara lissafi a hau sama ba. Wannan shi ne alamar aikin gefe mafi bayyana, kuma kana iya tabbatar da ita da tambaya ɗaya ga dillalai: da safe wa ya gaya muku farashin yau?

Wuri na biyu, wanda a ganina ya fi nauyi a wannan zamani, shi ne sharuɗɗan inganci. Kwangilar fitarwa takan ƙayyade tsaftar da ta kai kashi 99 cikin 100 ko sama, danshin da bai wuce 6 ko 7 ba, yawan mai wajajen rabin nauyin ƙwayar, da iyakar tsamin mai, wanda yake hawa idan riɗi ya jiƙe ko ya daɗe a ajiye. Tun 2006 Japan ta kafa doka cewa duk maganin ƙwarin da ba a ware masa iyaka ta musamman ba, saura ba zai wuce 0.01 cikin miliyan ba. Tarayyar Turai ta sa riɗin Najeriya cikin kayan da ake tsananta wa bincike a bakin iyaka saboda ƙwayar salmonela, kuma a 2015 ta dakatar da wakenmu saboda sauran maganin da aka fi sani da fiya-fiya. Waɗannan sharuɗɗa ba zalunci ba ne a kan kansu, salmonela tana kwantar da mutane da gaske. Abin dubawa shi ne wa ya rubuta su, ɗakin gwajin wa ake yarda da shi, kuma wa yake biya in aka kama. Kwantena ɗaya ta haɗa riɗin gidaje da yawa. In gida ɗaya ya shanya inda kaji ke yawo, ko ya zuba a buhun da aka taɓa sa wake mai magani, duk tan 19 sun shiga haɗari. In an mayar da kaya, mai fitarwa ne ya fara jin zafin, amma ba ya riƙe shi. Baɗi yana rage farashin da yake saye ga kowa da kowa, har da wanda ya shanya a kan tamfol mai tsafta. Tunda kasuwar ƙauye ba ta bambanta farashin mai tsafta da mai datti sosai, manomi ba ya ganin dalilin ƙara wahala, matsalar kuma ta ci gaba.

Na uku shi ne kuɗin ajiya. Riɗi yana shigowa kasuwa cikin 'yan watannin kaka, amma ana cin sa duk shekara, don haka dole wani ya riƙe shi. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai ruwansa kashi 27.5 cikin 100, alhali na Japan bai kai 1 ba. Ɗan kasuwar Kano da ya ci bashi da ruwan 30 a shekara, in ya riƙe kaya wata 4, kashi 10 cikin 100 na darajar kayan ya tafi. Kamfanin da yake samun dala da ruwan 3, kashi 1 kacal zai biya. Riɗi ɗaya, sito ɗaya, amma ɗaya zai iya jira, ɗaya ba zai iya ba. Manomin da ya ci bashin damina ya fi su duka gaggawa, shi kaka tana yi zai sayar. A nan ne ƙarfin gwamnati da darajar kuɗin ƙasa, waɗanda Wallerstein ya ce suna cikin siffofin cibiya, suke shigowa har cikin buhu.

Akwai na huɗu da ba ya fitowa a kowace takardar ciniki. Wallerstein ya ce jari-hujja ta fi samun araha daga gidan da bai dogara kacokan ga kasuwa ba. Gidanku yana noma geronsa, mata da yara suna shiƙa da tsince ba a biyansu, samari suna tafiya cirani su aiko da kuɗi. Saboda gidan yana ciyar da kansa ta waɗannan hanyoyi, yana iya sayar da riɗi a farashin da ba zai riƙe iyali ba in da shi kaɗai suka dogara. Mai shan man riɗi a ƙetare yana cin arahar da geron Baba da guminsu Inna suka biya wani ɓangarenta. Wannan ita ce gaɓar da na fi so ɗalibanmu su auna, domin mu ne muke kusa da ita, kuma ba a cika auna ta ba.

Inda ta yi tuntuɓe

Yanzu ga China da Turkiyya. China ta taɓa zama mai fitar da riɗi, yau ita ce ta fi kowace ƙasa shigo da shi. Turkiyya tana saye ta yi tahini, wato markaɗaɗɗen riɗi, da alewar halwa da burodin nan nasu mai riɗi. Indiya tana noma nata, tana kuma saye ta ɓare ta sake fitarwa. Mabiyan nazariyyar za su ce wannan shi ne aikin ƙasar tsakatsaki: tana gefe a gaban Amurka, tana cibiya a gabanmu. A kan Turkiyya amsar ta zauna. A kan China kuwa tana rawa, domin ƙasar da ta zama ta biyu a girman tattalin arziƙi tun 2010, mai manyan bankuna da jiragen ruwa da fasaharta, kiran ta tsakatsaki yana buƙatar hujja. Koriya ta Kudu ma ta tashi daga talauci zuwa sahun masu arziƙi cikin rayuwar mutum ɗaya. Nazariyyar ta yarda ƙasa ɗaya-ɗaya tana iya hawa, ta ce dai tsarin benen ba ya canzawa, kuma binciken Giovanni Arrighi da Jessica Drangel na 1986 ya nuna rukunai ukun sun daɗe a tsaye. Sai dai akwai haɗari a nan. In ƙasa ta zauna a ƙasa a ce nazariyya ta yi gaskiya, in ta hau a ce ai dama akwai tsakatsaki, to babu abin da zai iya ƙaryata ta, abin da ba ya ƙaryatuwa kuwa ba a gwada shi. Shi ya sa gwajin gaɓa-gaɓa ya fi na ƙasa-ƙasa ƙarfi.

Tuntuɓe na biyu zai ba ka mamaki in ka shiga kasuwa. Kason manomin riɗi daga farashin tashar jirgi ba ƙarami ba ne. Da kaka masu saye suna rububi, wakilan kamfanoni suna gogayya da juna, kuma ribar ɗan sari da dillali a kan kowane buhu siririya ce. A zamanin gyaɗa kuwa, hukumar sayen amfanin gona tana biyan manomi ƙasa da farashin duniya ta tara rarar, kuma bayan 'yanci gwamnatin gida ce take riƙe da wannan rarar. Wannan ya ƙarfafa sukar da Robert Brenner ya yi a 1977, cewa Wallerstein ya ba ciniki tsakanin ƙasashe nauyi fiye da kima, ya rage nauyin dangantakar masu iko da masu noma a cikin gida. Ƙarancin amfanin da hekta take bayarwa, rashin ingantaccen iri, shingayen hanya tsakanin Kano da Legas, cunkoson tashar jirgi, duk suna cin kuɗin Baba, kuma ba mai saye na ƙetare ne ya ƙaƙaba su ba. Mabiyin Wallerstein zai ce raunin gwamnati shi ma ɗan tsarin ne. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma ba ya bayyana dalilin da ya sa ƙasashe biyu na gefe suke bambanta nesa ba kusa ba wajen hanya da tasha da bincike kan iri.

Siyasa ma tana shiga ta inda nazariyyar ba ta hango ba. Shekaru da dama China ta yafe harajin shigo da kaya ga ƙasashen Afirka da ake lissafawa cikin mafiya talauci, irin su Nijar da Togo da Habasha, Najeriya kuma ba ta cikin wannan rukuni. Riɗin da aka noma a tsallaken iyakar Maigatari da wanda aka noma a wannan ɓangare iri ɗaya ne, ƙasa ɗaya, damina ɗaya, amma a waɗannan shekaru ƙofar shigarsu China ta bambanta. Haka yaƙin Sudan da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya girgiza ɗaya daga cikin manyan masu fitar da riɗi a duniya. Irin waɗannan suna motsa farashin shekara, nazariyyar kuwa ba ta bayyana farashin shekara. Abin da take magana a kai shi ne inda riba take kwanciya cikin shekaru ashirin ko hamsin.

Ga hukuncina. A kan tambayar wa yake yanke farashi, wa yake rubuta sharaɗi, wa yake iya jira, nazariyyar ta ci gwajin riɗi sarai. A kan tambayar me ya sa kuɗin da ke shiga aljihun manomi ya yi kaɗan, rabin amsa kawai ta bayar, sauran yana cikin gona da hanya da hukuma.

Shawarar da ake yawan bayarwa, a daina fitar da ɗanye a riƙa matse mai a gida, ita ma ka auna ta da wannan ma'auni. Injin matse mai ba abu ne mai wuyar samu ba, don haka matsewa kaɗai aikin gefe ne, ga tsadar wuta a kai. Ƙasashe da yawa kuma suna barin ɗanyen kaya ya shiga da sauƙin haraji su ɗora wa sarrafaffe. Ribar tana ga mai sunan da ke jikin kwalba da mai hanyar shiga manyan kantuna. Matakin da ya fi kusa da hannunmu shi ne tsaftacewa mai kyau, ɓarewa, ɗakin gwajin da masu saye suka yarda da shi, da iya nuna daga wane ƙauye kowane buhu ya fito. Waɗannan su ne suke rage yawan waɗanda za su iya maye gurbinka.

Yadda za ka tsara binciken

Kada ka ɗauki duniya duka. Ɗauki kaka ɗaya da hanya ɗaya: ƙauyenku, kasuwar da kuke kaiwa, sito a Kano, farashin tashar jirgi. Ka fara da sikeli, domin tiya da buhu suna bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, kuma wani ɓangaren ribar ɗan sari a cikin cikar mudu take ɓuya. Komai ka mayar da shi kilo.

Kuskuren da ya fi yawa a irin wannan aiki shi ne a ɗauki farashin kilo a ƙauye a gwama da farashin kwalbar mai a kantin ƙetare, a ce bambancin duka an sace. Ba haka ba ne. Ko da an matse shi tas, kilo biyu na riɗi ba sa ba da fiye da kusan kilo ɗaya na mai, ga jirgi da inshora da kwalba da albashi da hayar kanti. Abin da nazariyyar take magana a kai shi ne ribar da ta rage bayan an cire kashe-kashe, a gwama da jarin da aka zuba, da kuma ladan yinin aiki a kowace gaɓa.

Na manomi ga yadda za ka fitar. A misalinmu hekta ta ba da buhu 5, kilo 400. A ce iri da huɗa da feshi da buhuna da mota sun ci darajar kilo 120, saura 280. Ka ƙirga duk yinin aikin da gidan ya zuba, har da na mata da yara, a ce 50. Ladan yini ya zama darajar kilo 5.6 na riɗi, kuma a ciki har da hayar gonar da ba a cire ba. Sai ka gwama da abin da ake biyan ɗan ƙwadago a ƙauyen a yini. In sun yi kusan daidai, ko na riɗi ya gaza, ka sami shaidar aikin gefe. In ya ninka shi shekara bayan shekara, kuma shigowar sababbin manoma ba ta sauko da shi ba, to nazariyyar ta sami matsala a ƙauyenku, kuma wajibi ne ka rubuta haka.

Ka yi hattara da naira. Bayan an saki canji a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024, farashin riɗi a naira ya yi tsalle, mutane suka ga kamar an yi arziƙi. Amma taki da mai da abinci su ma sun bi. Don haka ka tambayi dattawa buhun gero nawa ko buhun taki nawa buhun riɗi yake saya bana, nawa yake saya shekara biyar ko goma da suka wuce. Wannan ma'auni ya fi naira riƙe gaskiya, kuma shi ne tambayar Prebisch da Singer a ma'aunin ƙauye.

Iyakar aikin ita ce saman sarƙar. Manomi da dillali za su gaya maka lissafinsu in ka zo ta hannun wanda suka yarda da shi, ka kuma tabbatar musu ba haraji ya kawo ka ba. Mai fitarwa zai ba ka farashi amma da wuya ya buɗe maka ribarsa, kamfanonin ƙetare kuwa suna haɗa riɗi da sauran hajojinsu a rahoto ɗaya. A waɗannan gaɓoɓi ka dogara da alamomin da ake iya gani: yawan masu yin aikin, jarin shiga, wa yake ba wa wani kuɗi kafin kaya, da abin da kwangila ta ce game da wanda zai ɗauki asara in an ƙi kaya a can. Ka rubuta a fili waɗanne alƙaluma ka auna da hannunka, waɗanne aka gaya maka, waɗanne ka ƙiyasta. Kuma ka fara zuwa gonaki tun kafin a yanke riɗi, domin yinin aikin girbi da shiƙa in ba a ƙirga su a lokacin ba, bayan wata biyu ba wanda zai tuna adadinsu daidai.